Yadda Ake Shirya Darasin Rawa Na Mako Shida Ga Ɗaliban Ƙaramar Sakandare

Wannan bayani na malami ne ko malamar da aka miƙa wa darasin al'adu da fasaha, ko na motsa jiki, ya buɗe manhaja ya ga akwai rawa a ciki, alhali shi ba marayi ba ne. Abin da za mu gina shi ne rawa guda ɗaya mai tsawon daƙiƙa 80, wadda aji mai yara 60 zai iya koya cikin mako shida, darasi biyu a mako, kowane darasi minti 40. Ba sai ka iya rawa sosai ba. Abin da ba makawa sai ka iya shi ne riƙe bugun kiɗa da ƙirga shi ba tare da ka yi sauri ko ka ja baya ba, domin a kan wannan komai zai zauna. Yaran da suka sami bugu a ƙafarsu za su haddace kowane salo cikin kwana biyu. Waɗanda aka fara cusa wa salo kafin bugu kuwa, har ranar ƙarshe kowa rawarsa daban yake yi.

Kayan aiki

Ka nemi fili mai laushin ƙasa wanda aka share, babu duwatsu babu ƙaya, kuma a inuwa. Simintin da ya goge yana zame ƙafa, wanda ya farfashe kuma yana yanka, don haka ƙasa ta fi su. Ka tanadi alli idan a daɓe za a yi, ko toka idan a ƙasa ne, don zana layuka. Sai abin kiɗa: ganga ko kalangu idan makaranta na da su, in babu, jarka marar ruwa ko bokitin roba da aka kife da sanda gajera sun wadatar. Kana buƙatar agogo mai nuna daƙiƙa, na waya ma ya yi, da littafi ɗaya da za ka rubuta rawar a ciki, da zare ko tsumma mai launi wanda kowane yaro zai ɗaura a idon sawun dama. Ruwan sha ya kasance a kusa. Kacau-kacau ba dole ba ne, amma yana da amfani a mako na biyar, kuma yara suna iya yin nasu da murafan kwalabar lemo da aka huda aka zura a igiya.

Mataki na 1: Ka daidaita da shugaban makaranta da iyaye

Kafin a buga komai, ka je wurin shugaban makaranta da takarda ɗaya mai bayanin abin da za a yi: wace irin rawa, wane kiɗa, a ina, da wa. A yawancin makarantunmu abin da ya fi kwantar da hankalin kowa shi ne maza su yi nasu, mata su yi nasu, kuma idan akwai malama ita ta tsaya wa 'yan mata. Rawar da zan bayyana duka aikin ƙafa ne da hannu da tafi, ana yin ta da kayan makaranta da hijabi ba tare da an cire komai ba, sai dai doguwar hijabi a tattare ta don kada a taka. Za a sami yaron da gidansu ba su yarda ya yi rawa ba. Kada ka tilasta shi, kada kuma ka bar shi zaune: ka ba shi ƙirga ko kiɗa ko rubuta tsarin rukuninsu, ka ba shi maki a kan wannan. Ka kuma duba kalanda. Kada makonnin nan su faɗa cikin azumi, kuma idan lokacin bazara ne, watan Maris zuwa Mayu, ka roƙi a ba ka darasin safe.

Mataki na 2: Ka zaɓi kiɗa, ka auna saurinsa

Ka saurari kiɗan ka yi tafiya a kansa. Inda ƙafarka take sauka da kanta, nan ne bugu. Ka ƙirga takunka cikin daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Idan ka sami 24, kiɗan yana bugu 96 a minti ke nan, kuma tsakanin 90 da 100 shi ne daidai ga masu koyo. Ƙasa da haka yara suna rasa daidaito don ƙafa tana daɗewa a sama, sama da haka kuma ba su da lokacin tunanin ƙafar da za ta biyo.

Ka guji kiɗan da yake canza sauri a tsakiya, da waƙar da ke da kalaman da ba za ka so a maimaita a gaban iyaye ba. Kiɗa zalla ya fi. Idan ka sami makaɗi na gaske, ka faɗa masa a fili cewa salo ɗaya kake so ya riƙe daga farko har ƙarshe. Sana'ar mai kalangu ita ce bin ƙafar mai rawa da yi masa kirari da zuga shi, to idan yara suka ƙara sauri shi ma zai bi su, alhali kai so kake su su bi shi. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗauki kiɗansa a waya na minti uku, ka riƙa amfani da shi a duk darasi, shi kuma ya dawo a makon ƙarshe.

Kada ka ɗauko rawar Koroso don ka ga tana burge mutane a wasannin Kano. Masu yin ta ƙwararru ne, akwai ɗaga juna da lanƙwasa jiki a cikinta, kuma ɗan aji ɗaya zai iya karya hannu a ƙoƙarin kwaikwayonsu.

Mataki na 3: Ka rubuta rawar kafin ka shiga aji

Ana gina rawar ne da takwas-takwas. Bugu takwas shi ne layi ɗaya a littafinka, layi huɗu kuma, wato bugu 32, shi ne zubi ɗaya. A saurin 96, kowane takwas daƙiƙa biyar ne, zubi kuma daƙiƙa 20. Tsarin gaba ɗaya shi ne: shigowa takwas biyu, zubi na farko, zubi na biyu, a maimaita zubi na farko, sai fita takwas biyu. Jimla takwas 16, bugu 128, daƙiƙa 80. Za ka ga kamar ya yi kaɗan. Bai yi ba. Zubi na farko kai za ka tsara, na biyu yara ne za su ƙirƙira, shigowa da fita kuma tafiya ce kawai a kan bugu.

Ga zubi na farko yadda nake koyar da shi. A takwas na farko, ƙafar dama ta taka gefe a ɗaya, hagu ta zo ta haɗe a biyu, dama ta sake gefe a uku, a huɗu hagu ta taɓa ƙasa kusa da dama tare da tafi ɗaya. Biyar zuwa takwas a koma hagu da irin wannan: hagu, dama, hagu, dama ta taɓa da tafi. A takwas na biyu, taku uku gaba, dama, hagu, dama, sai hagu ta taɓa da tafi a huɗu. Taku uku baya, hagu, dama, hagu, sai dama ta taɓa a takwas. Takwas na uku maimaicin na farko ne. A na huɗu ana juyi cikakke ta hannun dama da ƙananan taku takwas, kowane bugu biyu a juya kwata, a dawo ana fuskantar gaba a takwas. Ka lura kowane layi yana ƙarewa da nauyin jiki a kan hagu, dama tana sake. Da gangan aka yi haka, don duk abin da zai biyo ya fara da dama. Ka gwada shi kai kaɗai a gida har ka iya yi kana magana da wani.

Mataki na 4: Mako na farko, bugu kawai

A wannan mako babu salo ko ɗaya. Ka raba ajin rukuni shida na mutum goma-goma tun ranar farko, kuma kada ka canza su. Rukuni biyu ne suke shiga fili lokaci guda, sauran huɗun suna tsaye a gefe suna tafi da ƙirga, sai a yi musanya. Ta haka babu mai zaman banza, kuma yara 20 sun fi sauƙin gani a ido fiye da 60. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kowa ya miƙa hannuwansa bai taɓa na kusa ba. Ka sa alamar toka a wurin tsayuwar kowa.

Minti 40 ɗin ga yadda suke tafiya: biyar na fitowa da jeruwa, biyar na ɗumama jiki da tafiya a wuri ɗaya da juya kafaɗa da idon sawu, biyar na bitar jiya, 15 na sabon abu, bakwai na rukuni su nuna wa juna, uku na shan ruwa da komawa aji.

Ka fara da tafi a kan ganga. Sannan tafiya a wuri ɗaya, dama, hagu. Sannan a haɗa ƙirga da baki. Lambobinmu daga ɗaya zuwa takwas duk gaɓa biyu ne, kuma wannan yana taimakawa: gaɓar farko ita ce take sauka tare da ƙafa, ta biyu kuma tana faɗawa a tsakanin taku biyu, ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu. Kuskuren da ake yi shi ne wasu yara su sauke ƙafa a gaɓa ta biyu, sai su kasance rabin bugu a baya kullum. Ka sa su daddage gaɓar farko da ƙarfi. Akwai kiɗan gargajiya da yawa da kowane bugu yake rabuwa uku, ba biyu ba. Za ka gane shi idan ƙirgar tana ɗingishi a kan kiɗan. To sai ka ƙara "da" a bayan kowace lamba, ɗaya da, biyu da, uku da, gaɓa uku ke nan, ƙafa kuma tana nan a gaɓar farko.

Wasan da ya fi nuna maka gaskiyar aji shi ne na ɗauke kiɗa. Ana tafiya ana ƙirgawa, sai mai ganga ya yi shiru na takwas ɗaya, yara su ci gaba a zuci, sannan ganga ta dawo a ɗaya. Kusan kullum za ka tarar sun riga ta isa. Yara sauri suke ƙarawa, ba jinkiri ba, musamman masu tafi. Maganinsa shi ne a ɗan sassauta gwiwa, a sauke tafin ƙafa gaba ɗaya maimakon yatsu, a kuma maimaita wasan har su dawo tare da ganga sau uku a jere. 'Yan matan da suka taso da wasan gaɗa sukan riga kowa kamawa, tunda tafi a kan bugu ba baƙonsu ba ne. Ka rarraba irinsu cikin rukunoni.

Mataki na 5: Mako na biyu, shiga a ɗaya, da bambancin taka da taɓa

Abu biyu ne a wannan mako. Na farko shi ne fara rawa tare. Kada ka ce "ku fara". Ka ƙirga musu "biyar, shida, bakwai, takwas" da ainihin saurin kiɗan, su shiga a ɗaya. Idan ka ƙirga da sauri sannan kiɗa ya zo a hankali, kai ka ɓata su. Daga darasi na biyu ka bar wa ɗaya daga cikin yaran wannan aiki a kowane rukuni.

Na biyu shi ne wurin da yawancin darussan rawa suke lalacewa ba tare da malami ya san dalili ba. Taka ƙafa daban, taɓa ƙasa da ita daban. Idan ka taka, nauyinka ya koma kanta, ɗayar ce za ta motsa gaba. Idan ka taɓa, nauyi bai koma ba, ita ɗin ce dai za ta sake motsawa. Ɗauki bugu na huɗu a layinmu na farko. Yaron da ya ɗora nauyinsa a kan hagu a nan, idan biyar ta zo hagunsa a danne take, ba za ta ɗagu ba. Sai ya ɗaga dama, ya nufi inda bai kamata ba, ya yi karo da maƙwabcinsa. Malami sai ya zaci yaron bai haddace ba ne, ya sa a maimaita sau goma, abin bai gyaru ba, don ba a kai matsalar take ba, a nauyi take.

Yadda ake gyarawa: ka tsayar da kowa cak a huɗu, ka ce su ɗaga ƙafar hagu sama. Wanda ya ɗaga nan take daidai yake. Wanda sai da ya gyara tsayuwa, to ya taka ne. Ka sa su taɓa da kan babban yatsa kawai, kamar mai gwada zafin ruwa, kuma a ƙirga a maye gurbin lambar da kalmar: ɗaya, biyu, uku, taɓa, biyar, shida, bakwai, taɓa. Kwana biyu a kan wannan ba asara ba ce.

Mataki na 6: Mako na uku, zubi na farko

Ka koyar da layi ɗaya ba kiɗa, a hankali, sannan da tafi, sannan da ganga. Ka koyar da na biyu haka. Kafin ka taɓa na uku, ka haɗa na farko da na biyu, domin a mahaɗa ake tuntuɓe, daga takwas zuwa ɗaya. Ƙafa tukuna, tafi da hannu daga baya.

Idan kana nunawa, ka juya musu baya don damanka ta zama damansu. Idan kuma dole ka fuskance su don ka ga abin da suke yi, to sai ka motsa hagu kana cewa dama, wannan kuwa sai ka saba. Zaren da ke ƙafa yana rage rikici sosai: ka ce "ƙafar zare". Wajen nufa kuma ka kira abin da ido ke gani, ɓangaren bishiya, ɓangaren ofis. Duk bayan maimaici biyu, layin gaba ya koma baya, in ba haka ba na baya kwafar na gaba kawai suke yi, kuma a makare. Juyin da ke layi na huɗu shi zai tona wannan, don da zarar an juya babu wanda za a kalla. Idan juyin ya gagara, ka sa su kira kusurwa huɗu da baki a biyu, huɗu, shida da takwas. In har yanzu ya ƙi, a mayar da shi rabin juyi a dawo.

Mataki na 7: Mako na huɗu da na biyar, yara su gina nasu

Idan ka ce wa yara goma su ƙirƙiri rawa haka kawai, za su ɓata darasin a gardama, ko su kwaso abin da suka gani a waya. Ka ba su iyaka. Kowane rukuni ya zaɓi aiki ɗaya da suka sani, daka, noma, jan ruwa a rijiya, saƙa, dukan ƙarfe a maƙera. Zubin ya zama takwas huɗu cif, ya fara da dama ya ƙare dama na sake, a sami wuri ɗaya da aka yi ƙasa aka taso, da wuri ɗaya da aka canza jeri. Babu ɗaga juna, babu tsalle a kan wani. Kuma su rubuta shi layi-layi, su kawo maka.

Misalin rukunin da ya ɗauki shuka. A layi na farko suna tafiya gaba da ƙananan taku, hannu biyu suna saran sungumi a ɗaya, uku, biyar da bakwai. A na biyu hannun dama yana jefa iri a ɗaya da biyar, ƙafar dama tana rufe rami a uku da bakwai, kuma wannan rufewar taɓawa ce, ba takawa ba. A na uku layuka biyu suna ratsa juna da taku takwas, kowa ya bi ta hagun abokinsa, wanda sai an tsayar da shi tun farko don kada a yi gware. A na huɗu a durƙusa a hankali daga ɗaya zuwa huɗu, a taso daga biyar zuwa takwas hannuwa sama. Matsalar da za ka fi gani ita ce motsin da ya ci bugu shida ko goma. Kada ka jefar da shi: mai shida a ƙara masa tafi biyu, mai goma a rage taku biyu. Ratsa juna ma yakan ƙi ƙarewa a takwas idan layukan sun yi nisa, sai a matso da su.

A mako na biyar a haɗa duka daga shigowa zuwa fita. Nan ne kacau-kacau yake aiki. Ka juya baya ka saurara: idan kana jin ƙara ɗaya mai kaifi a kowane bugu, ƙafafu a haɗe suke, idan ƙarar tana warwatse tana ja, akwai masu riga da masu makara, sai ka sa su yi biyar-biyar har ka gano su.

Idan darasi ɗaya kake da shi a mako, kada ka matse komai cikin shida. Ka shimfiɗa shi a zangon karatu gaba ɗaya, ko ka rage aikin rukuni zuwa takwas biyu a maimaita sau biyu. Makon bugu da makon taka da taɓa ba a taɓa su.

Mataki na 8: Mako na shida, a janye ƙirga, a ba da maki

Ƙirga da baki ba ta cikin rawa, kuma yaran da suka dogara da muryarka za su tsaya da zarar ka yi shiru. Ka janye ta a hankali. Da farko ka riƙa faɗin ɗaya da biyar kawai. Sannan ɗaya kaɗai. Sannan mai ganga ya yi wata alama, bugu biyu masu ƙarfi a bakwai da takwas na ƙarshen kowane zubi, ita ce za ta gaya musu canji ya zo. Ka kuma koya musu abin yi idan an ɓata: kada a tsaya, kada a yi dariya a fita, a ci gaba da taku a wuri ɗaya har ɗaya ta zagayo a shiga.

Makin kan 20 nake raba shi haka: shida na riƙe bugu, huɗu na shiga a ɗaya da ƙarewa tare, huɗu na haddace tsari, uku na kiyaye tazara, uku na aikin rukuni da takardar da suka rubuta. Ban ware komai don gwaninta ko kyan jiki ba, domin wannan ba abin da ka koyar ba ne, kuma yaro mai kunya da ya riƙe bugu daga farko har ƙarshe ya cancanci ya fi mai rawar kai da ke gaba da kiɗa. Ka karanta musu wannan rabo tun mako na huɗu. A ranar gwaji kowane rukuni ya yi sau biyu, a na farko ka sa ido a kan mutum biyar, a na biyu sauran biyar ɗin. Da shiga da fita da rubuta maki, kowane rukuni zai ci kusan minti biyar, shida ɗin minti 30, don haka ranar ka taƙaita ɗumama jiki, kuma ka jera sunayen a takarda bisa yadda suke tsaye a fili tun kafin a fito.